Sharhi a Kan Takardar Aikin Fassarar Gajerun Jumloli da Bayaninta na Jerin Kalmomi

Akwai wata irin takarda wadda duk malamin da ya taɓa koyar da fassara a makarantar sakandare ko kwalejin horon malamai ya san ta. Takarda ce mai shafi ɗaya ko biyu. A hannun hagu an jera gajerun jumloli na Turanci, kamar goma sha biyar ko ashirin, kowace ba ta wuce kalma biyar ko shida ba, a hannun dama kuma an bar fili inda ɗalibi zai rubuta Hausarsu. Can ƙasa akwai ɗan bayani a kan yadda ake jera kalmomi a harsunan biyu. Shi kuwa malami yana riƙe da wata takarda dabam ta amsoshi, wadda ta ba kowace jumla amsa guda ɗaya, kuma da ita yake ba da maki.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wannan ɗan bayani na ƙasan takarda, a ga abin da ya faɗa daidai da kuma abin da ya tsallake. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa bayanin ya yi kyau muddin ana cikin yankin suna, amma da zarar an fito zuwa ga cikakkiyar jumla sai ya koya wa ɗalibi abin da Hausa ba ta yarda da shi ba, watau cewa kowace jumlar Turanci tana da jeri guda ɗaya tak a Hausa. A misalan da za a kawo, inda aka sa tauraro a gaban jumla ana nufin Bahaushe ba zai faɗe ta haka ba.

1. Abin da bayanin ya faɗa daidai

Yawanci bayanin yakan fara da cewa Hausa da Turanci jerinsu ɗaya ne: aikau, sa'an nan aikatau, sa'an nan karɓau. Wannan magana gaskiya ce, kuma tana da asali a ilmin harshe. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano tun kafin ya shahara a fagen rarraba harsunan Afirka, shi ne a shekarar 1963 ya fito da hanyar kasa harsunan duniya bisa jerin waɗannan abubuwa uku. Amma fa jumlar da ya gina rabonsa a kanta ita ce jumlar bayani sassauƙa, mai suna a gurbin aikau da suna a gurbin karɓau, wadda ba a jaddada kome a cikinta ba. Masu tsara takardar aiki sun ɗauki sakamakon, sun bar sharaɗin.

Daga nan sai bayanin ya lissafa wuraren da harsunan suka saɓa. Adadi a Turanci yakan zo gaban suna, a Hausa kuwa bayansa: dawaki uku. Mai mallaka a Turanci yakan riga abin mallaka, a Hausa yakan biyo baya: dokin Audu. Sifa tana iya zuwa gaba tare da mahaɗi, farin doki, ko ta zo baya ba mahaɗi, doki fari. Haka nan nunau: wannan doki, ko dokin nan. In mai tsara takardar ya san aikinsa, yakan ƙara da cewa a daidaitacciyar Hausa wanda aka yi wa aiki yana riga abin da aka yi aikin a kansa, watau Audu ya saya wa Binta zane, ko da Turanci ya ajiye sunan Binta a ƙarshe.

Babu abin zargi a nan. Waɗannan ƙa'idoji ba su dogara da abin da aka faɗa kafin jumlar ba, saboda haka gajeruwar jumla mai zaman kanta ta isa a gwada su da ita. Dawaki uku dawaki uku ne, ko a tsakiyar labari ko a saman allo. Ɗalibin da ya rubuta *uku dawaki ya yi kuskure, kuma takardar tana kama shi nan take. Domin irin wannan aiki aka ƙirƙiro ta, tana kuwa yin sa.

2. Jumla ɗaya, amsa da yawa

A ɗauki jumla ɗaya daga irin waɗanda akan samu a farkon takardar. Jumla ce ta Turanci mai kalma biyar. Biyu daga cikinsu 'yan ƙananan kalmomin nan ne da Turanci ke sawa gaban suna don nuna ko an san abin ko ba a san shi ba. Sauran ukun, in an musanya kowace da takwararta ta Hausa ba tare da an motsa ta daga gurbinta ba, su ne: yara, sayi, doki. A ce ɗalibai huɗu sun ba da waɗannan amsoshi:

(1) Yaran sun sayi doki.
(2) Yaran ne suka sayi doki.
(3) Doki yaran suka saya.
(4) *Doki yaran sun sayi.

Takardar amsoshi tana ɗauke da (1) kaɗai. Malamin da ya bi ta sau da ƙafa zai ba ɗalibi na farko maki, ya soke sauran ukun da jan biro iri ɗaya. To, amma (2) da (3) Hausa ce tsantsa, kuma kowace fassara ce ta gaskiya ga jumlar da aka bayar. Dalili shi ne, Baturen da ke magana yana iya danna muryarsa a kan kowace kalma ya ga dama ba tare da ya sauya jerin ba. In ya danna a kan kalmar yara, yana nufin su ne, ba manya ba. Hausar wannan ita ce (2). In ya danna a kan kalmar doki, yana nufin ba jaki ba. Hausar wannan ita ce (3). In ma ya danna a kan aikatau, to Bahaushe sai ya ce sayen doki yaran suka yi, ba aro ba. Wannan dannawar murya ba a rubuta ta a Turanci. Ke nan jumlar da ke kan takarda ta haɗa ma'ana uku ko huɗu a rubutu ɗaya, Hausa kuwa ta ware wa kowace sigarta.

Wani zai ce ai in ba a nuna jaddadawa ba, abin da ya fi dacewa shi ne a ɗauki jumlar a sassauƙarta, a ba da (1). Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba wanda ya ce (1) ba ita ce amsa ta farko ba. Inda matsalar take shi ne a soke (3) da (4) da alama ɗaya. Ɗalibin da ya rubuta (3) ya nuna ya san abubuwa uku a lokaci guda, wanda ya rubuta (4) bai san ko ɗaya daga cikin biyun ƙarshe ba, amma takardar ta mai da su daidai. Ya kamata a tsaya a kan waɗannan abubuwa uku, don su ne zuciyar al'amarin.

Na farko, an ɗauko karɓau daga bayan aikatau an kai shi goshin jumla. Na biyu, zagin aikatau ya sauya daga sun zuwa suka, watau daga shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya zuwa na biyu, kamar yadda ake kiran su a nahawun makaranta. Na uku, shi kansa aikatau ya sauya ƙarshensa daga sayi zuwa saya, domin yanzu babu karɓau a bayansa. Wannan aikatau yana cikin rukuni na biyu a tsarin da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, rukunin da ke da sigogi uku a fili: ya saya, ya sayi doki, ya saye shi. Saboda haka a Hausa ba a motsa kalma ɗaya a bar sauran a yadda suke. In aka ɗaga doki, sai zagi da aikatau su amsa. Bayanin da ya tsaya a kan cewa wannan kalma tana gaba, waccan tana baya, bai gaya wa ɗalibi rabin abin da ke faruwa ba.

Haka abin yake a lokaci mai ci. Yara suna karanta littafi, amma littafi yara suke karantawa: suna ya koma suke, kuma ɗafin nan na wa ya bayyana a ƙarshen aikatau saboda gurbin karɓau ya zama wayam. Ko a gajeruwar siga bambancin yana nan. Yara na karatu labari ne kawai, yara ke karatu kuwa amsa ce ga wanda ya tambayi su wa ke yi. A lokaci na gaba ne zagi ba ya sauyawa: za su sayi doki, doki za su saya.

Akwai kuma wata jumla da ke kama da (3) a ido, amma ba ita ba ce:

(5) Dokin kuwa, yaran sun saye shi.

A nan ma doki yana goshin jumla, sai dai ba jaddada shi aka yi ba. An ɗauko shi ne a matsayin abin da ake magana a kansa, sa'an nan aka faɗi wani abu game da shi. Ana gane haka da alamomi biyu: zagi ya zauna a sun, kuma an bar wakilin suna shi a gurbin da doki ya bari. Malamin da ke son ya san ko ɗalibinsa ya gane bambancin (3) da (5) ba ya bukatar dogon bincike. Ya dubi zagi, ya dubi bayan aikatau.

3. Audu, wanda ke ɓoye kuskure

Abin mamaki shi ne, da wuya jumla mai aikau jam'i irin ta sama ta yi yawa a takardar. Masu tsarawa sun fi son Audu da Binta, ko yaro da yarinya, wataƙila don suna ganin tilo ya fi sauƙi ga mai koyo. Wannan zaɓi, wanda ake ɗauka ba kome ba ne, shi ne ya fi kome ɓata aikin.

Dalili yana cikin ƙa'idar rubutu. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutun yau da kullum. A jam'i, da kuma mace ta biyu, bambancin lokutan nan biyu yana fitowa a haruffa: mun da muka, kun da kuka, sun da suka, an da aka, kin da kika. Amma a na, ka, ya da ta, bambancin na tsawon wasali ne kurum, dogo a na ɗaya, gajere a na biyu. Don haka wannan jumla:

(6) Audu ya sayi doki.

tana iya zama labari in an ja wasalin ya, tana kuma iya zama amsa ga mai tambayar wa ya saya in an gajarta shi. Bugu da ƙari, in aka faɗi ya ɗin da gajeren wasali da karin sauti na ƙasa, ta zama umurni ko fata, kamar a ce Audu ya sayi doki mana. In kuma aka ja shi da karin sauti mai faɗuwa, ta zama lokaci na gaba na biyu. Haruffa biyu, karatu huɗu. Ɗalibin da ya rubuta (6) ya sami maki ko da me yake nufi, wanda kuma ya rubuta doki Audu ya saya ba wanda zai san ko a bakinsa dogon wasali ne ko gajere. Takarda mai jumla ashirin, in goma sha biyar daga ciki da Audu da Binta aka gina su, ba za ta taɓa nuna wa malami ko ɗalibinsa ya san bambancin lokutan biyu ba.

Ga wanda Hausa harshen uwarsa ce, wannan ba ya hana shi magana daidai, sai dai yana hana shi sanin abin da bakinsa ke yi, kuma wanda zai zama malami gobe yana bukatar wannan sani. Ga wanda ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu kuwa, ɓarnar ta fi haka, domin zai iya ƙare takarda goma bai taɓa jin cewa ya iri-iri ne ba, sai ranar da ya ce *wa sun zo, aka yi masa dariya. A nan Basakkwace ya fi kowa sa'a. A karin harshensa yakan ce yas sayi, tas sayi, sunka sayi, watau bambancin da daidaitacciyar Hausa ta bari a wasali shi ya fito da shi a baƙi. Malami mai wayo yana iya aron wannan siga a aji don ya nuna wa ɗalibai abin da rubutunsu ya ɓoye, ba don su rubuta ta a jarrabawa ba.

4. Inda bin jeri ke haifar da wata ma'ana

Kuskuren da ya fi haɗari a fassara shi ne wanda ba ya kama da kuskure. Jumla irin (4) kowa zai gane ta karye. Amma akwai wuraren da ɗalibi zai bi jerin Turanci kalma bayan kalma, ya fito da jumlar Hausa lafiyayya, sai dai ba abin da aka ce ba ke nan. Misali biyu sun isa.

Na farko ya shafi dirka. Turanci yana da wani aikatau na kasancewa wanda yake zama tsakanin suna da abin da ake faɗa game da shi. Takardun aiki da yawa sukan rubuta a bayaninsu cewa Hausar wannan kalma ita ce ne ko ce. Ɗalibin da aka riga aka gaya wa jerin harsunan ɗaya ne, in aka ba shi jumlar da ke cewa Audu yana aikin malanta, mai jerin suna, aikatau na kasancewa, suna, me zai hana ya rubuta (8) maimakon (7)?

(7) Audu malami ne.
(8) Audu ne malami.

Duka biyun Hausa ce. Amma (7) tana gaya wa mai sauraro ko mene ne Audu, (8) kuwa tana gaya masa ko wane ne malami, cewa Audu ne, ba Bala ba. Haka dokin fari ne da dokin ne fari. Dirka ba aikatau ba ce, ba ta ɗaukar lokaci, ba ta da zagi. Tana bin abin da aka ɗora nauyin magana a kansa ne, duk inda yake. Bayanin da ya daidaita ta da aikatau na Turanci ya koya wa ɗalibi ya ajiye nauyin maganarsa a inda bai nufa ba. In malamin ya soke (8) ba tare da ya faɗi wannan ba, ɗalibin zai tafi da zaton ya yi kuskuren nahawu, alhali kuskuren ma'ana ya yi.

Na biyu ya shafi jumlar da Turanci ke juyawa, ya sa abin da aka yi wa aiki a gaba, ya kai mai aikin ƙarshe bayan wani ɗan harafi. In ba a ambaci mai aikin ba, abin da sauƙi: an sayi dokin. Wahalar tana zuwa in an ambace shi, domin zagin an ba ya zama tare da mai aiki sananne. Ɗalibin da ke neman ya riƙe jerin Turanci ko ta halin ƙaƙa sai ya shiga lalube, ya fito da ɗaya daga cikin waɗannan:

(9) An sayi dokin daga yaran.
(10) An sayi dokin ta hannun yaran.

Jumla ta (9) ta juya cinikin gaba ɗaya, ta mai da masu saye masu sayarwa. Ta (10) kuwa ta mai da su 'yan aike ko dillalai, mai sayen wani ne dabam. Abin da Baturen ya yi da ya juya jumlarsa shi ne ya fara da abin da aka riga aka sani, watau dokin, ya ajiye sabon labari a ƙarshe, watau yaran. Hausa tana da hanyar yin wannan, sai dai ba da an ba: yaran ne suka sayi dokin, ko kuma dokin, yaran ne suka saye shi. Ga shi nan wuri ɗaya da Turanci ya nuna nauyin magana a rubuce, ta hanyar jeri, kuma a nan ɗin ne ya zama dole mai fassara ya saki jerin don ya riƙe ma'anar.

Korewa ma haka take, ko da yake ba sai an daɗe a kanta ba. Bayanin takarda yakan ce a sa ba a gaban zagi, a sa wata ba a ƙarshe, ya tsaya nan. Wannan ya ba da yaran ba su sayi doki ba. Amma jumlar Turancin guda tana iya nufin ba yaran ne suka sayi doki ba, ko ba doki yaran suka saya ba, kuma a nan ba ta farko tana komawa goshin jumla ne, gaban abin da ake korewa.

5. Tambaya a gaban jumla

Gyaran da ya fi kome sauƙi ba ya bukatar a yar da takardar. Abin da jumlar ta rasa shi ne abin da ya gabace ta, kuma gajeruwar tambaya guda ta isa ta maye gurbinsa. A sa jumlar Turanci ɗaya sau uku, kowace da tambayarta a sama. In tambayar ita ce me ya faru, amsar ita ce (1). In ita ce su wa suka sayi doki, amsar ita ce (2). In ita ce me yaran suka saya, amsar ita ce (3). Wanda ba ya son tambaya yana iya jan layi a ƙarƙashin kalmar da ake danna murya a kanta, amma tambaya ta fi, domin ita ma jumla ce da za a fassara, kuma tana ɗauke da zagi iri ɗaya da na amsarta. Ɗalibin da ya rubuta me suka saya da hannunsa ya riga ya ga suka da saya kafin ya zo ga doki suka saya.

Sai dai ko a nan akwai wurin yin hattara, don kada a fita daga wata ƙa'ida mai tsauri a faɗa wata. An daɗe ana koyarwa cewa abin da aka jaddada a Hausa dole ne ya hau goshin jumla. Nazarin da ya biyo baya ya sassauta wannan. Philip Jaggar a nahawunsa na 2001 ya nuna cewa abin da ake ba da amsa da shi yana iya zama a gurbinsa na asali, Katharina Hartmann da Malte Zimmermann kuma suka faɗaɗa binciken a 2007. Kunnen Bahaushe ya riga ya san haka. In aka tambaye shi me yaran suka saya, yana iya cewa doki suka saya, yana kuma iya cewa sun sayi doki, ko sun sayi doki ne, ba wanda zai ɗaga kai. Amma aikau ba shi da wannan 'yanci. In aka tambayi su wa suka sayi doki, aka amsa da yaran sun sayi doki, mai tambaya zai ji kamar ba a saurare shi ba. Dalili kuwa a fili yake: aikau dama a goshin jumla yake zaune, ba inda za a matsar da shi a gani, saboda haka sauyin zagi ne kaɗai, da dirka in an so, ke nuna cewa shi ake nufi.

Wannan yana da amfani ga mai tsara takardar amsoshi. A ƙarƙashin tambayar karɓau ya rubuta amsa biyu, ya karɓi kowace. A ƙarƙashin tambayar aikau ya rubuta ɗaya, da dirka ko ba dirka, ya soke sun. Ya kuma sa yawancin jumlolinsa da aikau jam'i, ko da zagin aka, ko da mace ta biyu, inda alƙalami ba zai iya ɓoye abin da ɗalibi ya zaɓa ba. Audu da Binta a bar su ga yankin suna da dirka, inda bambancin ne da ce ke bukatar su.

Akwai wani abu ɗaya da ko tambaya ba za ta gyara ba, kuma iyakar gajeruwar jumla ke nan. Shuɗaɗɗen lokaci na biyu ba aikin jaddadawa da tambaya kaɗai yake yi ba. Shi ne kuma lokacin ba da labari, wanda ke jan aukuwa bayan aukuwa. Duk wanda ya buɗe Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, a kowane shafi na labari zai tarar suka da aka ne ke tafiyar da zancen. Jumla ɗaya tilo ba ta iya nuna wannan, domin ba a jera abu ɗaya. Ɗalibin da ya shekara yana mai da kowane shuɗaɗɗen aikatau na Turanci sun, ranar da aka ba shi sakin layi sai ya rubuta: yara sun tafi kasuwa, sun sayi doki, sun komo gida, sun ɗaure shi. Nahawun bai karye ba, amma wannan lissafi ne na abubuwan da aka gama, irin rahoton da ɗan aike ke kawo wa maigida. Mai ba da labari cewa zai yi: yara suka tafi kasuwa, suka sayi doki, suka komo gida, suka ɗaure shi. Saboda haka ya kyautu jumloli huɗu ko biyar na ƙarshen takardar su kasance a haɗe, labari ɗaya ne aka yanyanka, a kuma gaya wa ɗalibi a sama cewa a haɗe suke, ya fassara su yadda zai ba ƙanensa labarin da dare.